Sittin da Takwas

Mai gwajin ƙwaƙwalwa ta cire tabarau ta murza idonta. Makaranta ta uku ke nan da ta shiga yau, kuma ɗakin da aka ba ta ma'ajiyar karyayyun kujeru ne. A gabanta ga hedimasta, ga gwaggon yarinyar da ta gwada, sanye da rigar aikin wankin asibiti.

"Sittin da takwas Auta ta samu," in ji hedimasta. "Ƙasa da saba'in, ajin masu buƙata ta musamman. Sa hannu kawai ya rage, Malama."

"Ba zan sa ba, Malam."

Gwaggon ta ɗago kai. "Sittin da takwas cikin ɗari ai ba faɗuwa ba ce."

"Ba cikin ɗari ba ne, Gwaggo. Ɗari ita ce tsakiyar sa'o'inta. Daga nan ake auna tazara, kowane taki maki sha biyar. Kusan yara biyu cikin uku suna tsakanin tamanin da biyar da ɗari da sha biyar. Saba'in taki biyu ne ƙasa, kusan biyu cikin ɗari ne ke sauka nan. Kuma in na sake gwada ta, makin zai iya motsawa da biyar, sama ko ƙasa."

"To, ta sauka ɗin," in ji hedimasta.

"Da wa aka auna ta? Da yaran da suka tashi da harshen gwajin. Auta bara ta zo ƙasar nan. Na nuna mata hoton abin gasa burodi, ta ce akwatin rediyo ne. Inda babu magana, sai jera 'yan katakai, ta kai tsakiya. Rashin harshe na auna."

Gwaggon ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Malama, ni na goya ta, na san kanta lafiya lau. Amma ajin can yara goma ne, nata kuwa malamin ko sunanta bai riƙe ba. Can motar makaranta ke kai su gida. Ki bar mata makin, don Allah."

Mai gwajin ta juya biro a hannunta.

"In na bari, zai bi ta duk makarantar da ta je. Ba za a ƙara koya mata abin da take iyawa ba."

Ta rubuta cewa makin ba abin dogaro ba ne, a ba yarinyar malamin harshe, a sake gwaji baɗi.

"Malamin harshe," hedimasta ya maimaita. "Daga aljihuna zan ciro shi?"

Gwaggon ta ɗauki jakarta, ta ce za ta makara, ta fita ba sallama.

Malamin harshen bai samu ba. Hedimasta ya mayar da Auta bencin gaba, kusa da wata ɗaliba mai jin yarensu. Da baɗi ta zo, an ƙara wa mai gwajin makarantu, sunan Auta yana nan a layin masu jiran sake gwaji.