Allon Mai Gilashi

Shagunan taya biyu na tarar a layinmu, na Mai Gilashi da na Dogo, kuma farashinsu ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Kowanne ya kafa allo a ƙofa: “Ka samu mai rahusa a wani wuri? Kawo shaida, mu sayar maka a haka.” Direbobin tasi har albarka suke sa musu. Ni da na san nawa ake saro taya, in na ga allon nan raina ɓaci yake yi.

Da na bar aikin kamfani, duk abin da aka sallame ni da shi na zuba a shago na uku. Lissafina mai sauƙi ne: in rage riba, in sayar da yawa. Na cika shagon har rufi, na rubuta farashina da jan fenti yadda ko daga tsallaken titi za a karanta.

Mutane kuwa suka zo. Direba zai faka, ya fito, ya latsa taya da babban yatsa, ya yaba, ya zaro waya ya ɗauki hoton farashin. Sai ya ce yana zuwa. Ina tsaye zan ga motarsa ta shige wajen Mai Gilashi, inda akwai injin ɗaura taya da kujerun jira da fanka. Da farko na ce sabon shago ne, sai a hankali. Wata ya ƙare, ƙura ta kwanta a kan kayana, mai haya ya fara gaishe ni sau biyu a rana.

Ranar da na ga tasin yayana a can, an ɗage ta ana sa mata sababbi huɗu, ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

“Yaya! Har da kai?”

Ya sosa ƙeya. “To Auta, kuɗin ai ɗaya ne. Nan kuma na saba, ga inji. Hoton naki na nuna, nan take suka rage min.”

“Da ban buɗe shago ba, wa zai rage maka? Shekara nawa kana biyansu yadda suka ga dama?”

“Ke dai kin cika zafi. Mutumin nan ya cika alkawarinsa, mene ne laifinsa?”

Mai Gilashi ya fito yana goge hannu, da murmushin nan nasa da na tsana.

“Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ragin nan naki, mutum nawa ya kawo miki? Ni masu sayena suna nan wurina. Wanda ya zo da hoto in rage masa, wanda bai zo da shi ba ya biya na allo. Ke kuwa kowa ya saya a wurinki sai kin yi asarar ragin. Dogo ma ya taɓa gwadawa, tambaye shi.”

“Wato direbobin nan ka mayar 'yan rahotonka.”

“Kyauta ma kuwa,” in ji shi, ya koma ciki.

Na tsaya ina huci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allon da ake sa wa albarka ashe ba da masu saye yake magana ba, da mu yake: duk wanda ya rage, ya rage wa kansa a banza. Mai Gilashi da Dogo ba su taɓa zama sun haɗa baki ba, ba su ma bukata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu inda zan kai ƙara. In ce me? An yi wa yayana rangwame?

Na ƙara jurewa har haya ta zo wuya. Ko in rufe shagon, ko in bi sahu. Na sa farin fenti na shafe jan rubutun, na mayar da farashina daidai da nasu, na kira mai rubutu ya yi min allo irin nasu sak. Yanzu su ma in sun rage, masu saye a wurina ba za su tafi ba, don haka ba mai ragewa. 'Yan tsirarun da ke saye a wurina suka ci gaba da saye, ribar ta biya haya. Ban taɓa jin kunyar kuɗin da na samu ba sai a lokacin.

Bayan wasu watanni Yaya ya faɗa rami, tayoyin gaba biyu suka fashe. Ya zaga layin kaf, ya zo wurina yana gumi.

“Auta, abin ya yi tsada. Na ce wa Mai Gilashi ya yi min irin na wancan karon, wai in kawo hoto. Ina jan rubutun naki?”

“Kun ɗauke shi a waya ai.”

“Haba Auta. Motar nan da ita nake ciyar da yara.”

Ya ba ni tausayi, amma haushin bai sake ni ba. Na nuna masa allon da ke bisa kansa.

“Je ka samo mai rahusa, Yaya. Ka kawo shaida, wallahi in sayar maka a haka.”

Ya juya ya dubi layin, shaguna uku, alluna uku. Sannan ya sa hannu a aljihu.