Takardar Lawali da Kason Hadizatu

Marigayi Malam Sumana, aminina, ya bar 'ya'ya biyu, Lawali da ƙanwarsa Hadizatu, ya kuma bar garka ɗaya a bakin kogi a Tondibiya. Ba a raba gadon ba, domin tun zamanin iyayenmu ƙasa takan zauna a hannun babban ɗa, kowa ya ci moriyarta. Lawali tela ne a Yamai. Hadizatu, wadda mijinta ya rasu, ita ke noma garkar, ta kai kabeji da tumatir kasuwar Petit Marché.

A shekarar farin da kogi ya janye har ana taka tsakiyarsa da ƙafa, ɗinki ya tsaya, buhun hatsi ya fi ƙarfin talaka. Lawali ya tafi gaban mai gari da shaidu biyu, ya ce shi kaɗai ne magaji mai iko, ya sayar da garkar ga wani ɗan kasuwa, Alhaji Mutari, aka rubuta takardar ciniki. Hadizatu ba ta sani ba sai da ta tarar ana kafa shingen waya. Ta sami Lawali a shagonsa, a gaban mutane. Ya ce mace ba ta da ƙasa, gidan miji ne nata. Ta ce daga wannan rana, ubanta ɗiya ɗaya ya haifa.

Bayan sallar layya ta wuce ba su gaisa ba, Lawali ya zo gidana ya durƙusa.

"Baffa, so nake ka rubuta mini takardar ban haƙuri."

"Ba a ba ɗan'uwa haƙuri a takarda," na ce masa. "Da ubanka ya saɓa da ƙanensa kan rijiya, goro aka ɗauka, dattijo ya shiga gaba, aka yi magana, ta ƙare a zaure. Takarda kuwa tana nan bayan an tashi, kuma wannan zamanin soja ne. Wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, jandarma ke kiransa."

"Idan na tsaya gabanta, Baffa, bakina zai sake ɓata magana. Na san halina."

Na ɗauko alƙalami, yana faɗa ina rubutawa da ajami:

"Daga Lawali ɗan Sumana zuwa ga ƙanwata Hadizatu. Gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Bayan haka, na sayar da garkar mahaifinmu ba da saninki ba, ba da yardarki ba, alhali kina da kashi ɗaya cikin uku a cikinta. Na gaya wa mai gari abin da ba gaskiya ba. Kuɗin kuwa, hatsi na saya da su, ban aiko miki ko tiya ɗaya ba, don ina jin kunyar ki tambaye ni inda na samu. Maganar da na faɗa miki a shago ita ta fi damuna. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ina roƙon ki yafe mini don darajar wanda ya haife mu."

Na ce a cire zancen mai gari da na kashi ɗaya cikin uku, a bar roƙon kawai. Ya ƙi. Ya ce idan aka cire su, ba za ta san a kan me yake ba ta haƙuri ba. Ya dangwala yatsa, ni ma na sa hannu a matsayin shaida.

Na sami Hadizatu a Petit Marché, zaune bayan tulin albasar da ta saro daga hannun wasu. Ta shimfiɗa mini buhu, ta gaishe ni yadda ya kamata. Tun da ba ta karatu, na karanta mata, maƙwabtanta na kasuwa suna kasa kunne.

"Baffa, maimaita mini wurin nan na kashi ɗaya cikin uku."

Na maimaita.

"Yatsansa ne wannan?"

"Nasa ne."

"To, madalla. Sau uku ina zuwa wurin mai gari, ana ce mini ina hujjata. Ashe hujjar ce za ta shigo taksi ta same ni."

Wata mai yaji da ke gefenta ta yi dariya ta ce, "Hadiza, wan naki ya iya ɗinki, ya ɗinka wa kansa riga daidai wuya."

"Ɗiyata," na ce, "wannan roƙo ne aka aiko, ba ƙara ba. Ban taɓa jin an kai ban haƙuri gaban alƙali ba."

"Ni ma, Baffa, ban taɓa jin an ciyar da marayu huɗu da ban haƙuri ba. Ka ce masa na ji. Yafiya kuwa, sai na ga ƙasata."

Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zanenta.

Aka kira mu gaban alƙali, da mai gari, da shaidun ciniki, da Alhaji Mutari. Aka sa ni na karanta takardar, tafinta ya mayar da faransanci. Alƙali ya tambayi Lawali ko maganarsa ce, ko an tilasta masa. Da ya musa, da shari'ar ta yi tsawo, don shaidun suna bayansa. Ya ce maganarsa ce, ba wanda ya tilasta masa. Malamin da ke zaune tare da alƙali kan sha'anin gado ya bayyana hukunci: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kuma mutum ba ya sayar da kason wani. Cinikin ya tabbata a kan kason Lawali, ya warware a kan na Hadizatu, Lawali kuma zai mayar wa mai saye kuɗin kason da aka warware. Aka tsare shi kwana biyu, har matarsa ta sayar da keken ɗinkinsa da buhunan hatsin da suka rage.

Ranar awo muka tafi Tondibiya da igiya. Alhaji Mutari ya riga ya kafa injin ban ruwa, ya haƙa magudana a ɓangaren kogi, sai mai gari ya ce ba za a rushe aikin da aka yi ba. Na kawo misalin rabon garkar gidan liman, inda aka tsaga ta a tsaye, kowa ya sami bakin ruwa. Mai gari ya ce a wancan rabon babu inji. Aka ja igiya a kwance. Kason Hadizatu ya faɗa can sama, wajen tudu, inda ƙasa ta tsattsage, tsakaninta da ruwa kuma shingen Alhaji.

Ta tsaya tana kallon wurin. Lawali ya matso, ya tsaya nesa kaɗan, hularsa a hannu.

"Hadiza, ga ƙasarki kin gani."

"Na gani."

"Idan kin yarda, in zo mu haƙa rijiya. Yanzu ba ni da aikin komai."

Ta sunkuya ta ɗebi ƙasar, ta murza, ta zubar.

"Rijiya a nan sai an haƙa gaba goma, kai kuwa ko guga ba ka da shi. Je ka nemi abin da 'ya'yanka za su ci."

Ya buɗe baki zai sake magana, ta juya wajena ta tambaye ni ko motar Yamai ta la'asar ta wuce. Na ce ba ta wuce ba. Mu uku muka shige ta, ita a gaba kusa da direba, shi a kujerar baya, ni a tsakiya. Da muka iso gari ta sauka a kasuwa, ta yi mini sallama, ta ce in gaida gida.