A Tabbatar Mana An Samu

Teloli suna kiranta Sa-Hannu, amma sai ta ba da baya. Sunan kuwa ya kama ta, domin ko hankici ɗaya ta aika wa mutum, sai ya sa hannu cewa ya karɓa. Ba wai ta ɗauki mutane maƙaryata ba ne. Ita dai hankalinta ba ya kwanciya sai ta san inda abu ya tsaya, da hannun wanda yake.

Shagon ɗinkinta dogon ɗaki ne a bayan wani kantin taya, kekuna jere a bango biyu, teburin yanka a tsakiya. Tun da masana'antar da take ɗinka wa rigunan ma'aikata ta rufe, rabin kekunan a lulluɓe suke. Teloli uku sun tafi, sauran kuma kawaici ne ya riƙe su. Saboda haka da wani babban asibiti ya fitar da sanarwa yana neman wanda zai ɗinka wa ma'aikatansa riguna na shekara guda, ta san abin da ke gabanta. In ta samu, mutanenta sun zauna. In ta rasa, ba ta da bakin da za ta ce wa kowa ya ƙara haƙuri.

Ƙaninta ne ya zo ya haɗa mata takardun. Akawu ne a wani kamfani, furfura ta fara cin gemunsa, amma har yanzu Auta take ce masa. Ya ture ƙyallaye gefe, ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin yanka. A kan imel ɗin ya sa lambar kwangilar da sunan shagon, kamar yadda sanarwar ta nema. A ciki ya jera abin da aka haɗa: shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, wasiƙar banki, wasiƙu biyu daga waɗanda ta taɓa yi wa aiki, bayanin yadi da lokacin kammalawa, sai takardar farashi da ta sa wa hannu da hatimi. Ta sa ya buɗe kowane fayil ta gani da idonta, kada a ce shida suka tafi alhali bakwai aka rubuta. Sannan ta ce ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, a tabbatar musu an samu. Ya ƙara, ya aika zuwa adireshin da aka keɓe don karɓar tayi.

Daga nan tambaya ta fara. Ina saƙon yake yanzu? Ya shiga asibitin, ko yana hanya? Wa zai fara ganinsa, mace ko namiji? Auta ya nuna mata shi a cikin saƙonnin da aka aika, ya ce da fayilolin sun yi nauyi ko adireshin da kuskure, da tuni ya dawo. Ta ce wannan ai shaidar fita ce, ita shaidar isa take nema.

“Yaya, an aika da wuri, an aika daidai. Ki bar shi haka.”

“To su bakinsu ciwo yake? Kalma biyu ce fa.”

Ya yi dariya ya ce ko lahira aka kai ta sai ta nemi rasit, ya ɗauki jakarsa ya koma aiki.

Kwanaki suka shuɗe shiru. Tana yanka tana leƙa waya, har babban tela, wanda ya fi kowa daɗewa da ita, ya fara karɓe almakashin daga hannunta don kada ta ɓata yadin mutane. Abin ya fi ba ta mamaki a kan tsoro. A da ambulan take kaiwa, ta jefa a akwatin katako, magatakarda ya rubuta sunanta. Yanzu kuwa an ce wani akwati ne da ba a gani, kuma ta ƙagu ta san wanda ke zaune a bakinsa.

Ana gobe za a rufe karɓa ta shirya ta tafi asibitin. Ofishin sayayya na can ƙarshen wani dogon baranda, bayan ɗakin wanki. Abin da ta fara gani shi ne tsohon akwatin nan na katako a lungu, an ɗora masa butar shayi. Sakatariya ta ce jami'in sayayya yana taro, ita kuma ba ta da hurumin cewa komai a kan tayi. Sa-Hannu ta tambaye ta ko a wannan kwamfutar saƙonnin ke sauka. Matar ta ce a'a, ta ci gaba da bugun da take yi.

A kan benci a baranda dabara ta zo mata. A sanarwar akwai adireshi na biyu, na jami'in kansa, wanda aka ba da don masu tambaya. Ga mutum mai suna da ofis, wanda zai iya amsawa! Ta buɗe imel ɗin a wayarta, ta tura masa shi yadda yake da duk fayilolinsa, ta rubuta gaisuwa a sama da roƙon ya duba ko ya cika. Har daɗi ta ji da ta iya abin ba tare da Auta ba.

Amsa ta zo kafin ta kai shago. Layin farko ta karanta, inda jami'in ya ce saƙonta ya iso gare shi, ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi. Sauran ya yi mata tsawo da yaren ofis, sai ta tura wa Auta. Bai rubuto ba, kira ya yi.

“Yaya, me kika aika masa?”

Ta faɗa masa. Ya yi mata bayani a hankali. Adireshin farko a kulle yake. Babu mai buɗe shi, ko jami'in, sai lokacin rufewa ya wuce kwamiti ya zauna, don kada wani ya ga farashin wani ya kai wa na kusa da shi. Shi ya sa ba a amsa ba, kuma saƙonta na nan lafiya tun ranar farko. Amma yanzu farashinta ya shiga hannun ma'aikaci kafin a buɗe. Dokar asibitin ta ce tayin da aka aika wa wani adireshi daban ba a duba shi, kuma jami'in ya riga ya sanar da kwamiti, domin in ya ɓoye aikinsa ne zai tafi.

Ta ce to a sake aikawa, ai lokaci bai cika ba. Ya ce wanda ya ga farashi ya gani, ba a mayar da shi. Ya ce sharaɗin na cikin sanarwar, ya karanta, bai dai yi zaton sai ya faɗa mata ba. Muryarsa ta fi tata rauni, har ita ce ta koma ba shi haƙuri.

Ta daɗe tsaye riƙe da wayar. Baƙin ciki ya cika ta, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa. Abin haushi, tsarin ya burge ta. Da ita aka ba wa aikin tsare farashin mutane, irin kullewar da za ta yi ke nan.

Da ta shiga, kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Babban tela ya zare tabarau, ya dubi fuskarta da fara'a, don tun daga taga ya hango murmushinta na farko.

“Uwar ɗakina, sun amsa ke nan?”

“Sun amsa,” ta ce. “Sun ce an samu. Ku jawo kujeru, akwai magana.”