Wayar Ƙasa a Ɗakin Maganin Malam Yari

A ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da lantarki bai daɗe da shigowa Sakkwato ba, Malam Yari yana da ɗakin magani a Sabon Gari. Matarsa ta rasu, sai 'yarsa Saudatu, mai shekara tara. Dukiyarsu tsohon firiji ne da ya saya hannun wani Bature, a ciki yake ajiye allurar saran maciji saboda manoman Kwalkwalawa. Idan ta yi zafi ta lalace, ga damina ta kawo kai. Abin da suka rasa shi ne firijin ya zauna lafiya. Da injinsa ya yi gurnanin tashi, sai bireka, wato akwatin bango mai katse wuta, ta faɗi.

Aka kira Ɗanladi mai gyaran wuta. Saudatu na kallo ya ɗaga doguwar wayar da aka jona daga zaure.

"Malam, wagga siririya ce, ga tsawo, ga fanka bisanta. Inji in zai tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin."

Ya ja wa firijin wayarsa shi kaɗai. Inji ya tashi, bireka ta sake faɗuwa. Ɗanladi ya auna, ya girgiza kai.

"Rufin wayoyin cikin injin ya ci. Wuta na yoyo zuwa jikin ƙarfen, wayar ƙasa na kwashe ta, bireka ta ji ta katse. Sai an kawo wani inji daga Kano, mako uku."

Malam Yari ya ce, "Mako uku? Macizai za su jira Kano?"

Da la'asar maƙwabcinsu Maigandi, mai gyaran keke, ya leƙo.

"Yari, mi kake tsoro? Ɗanladi dai ciniki shika nema. Wagga 'yar waya ita ka kai tsegumi, a cire ta a huta."

Malam Yari ya dubi kwalaben allurar, bai hana ba. Maigandi ya cire wayar ƙasa. Inji ya tashi, bireka ba ta motsa ba. Saudatu har da tafi.

Kwana huɗu firiji na sanyi. A na biyar, da azahar, Saudatu ta yayyafa wa daɓen ɗakin ruwa don rage zafi, kamar kullum. Mahaifinta ya idar da alwala ke nan wani mutum ya shigo da ɗan'uwansa manomi a kafaɗa, maciji ya sare shi, ƙafa ta kumbura. Malam Yari ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, yadda ya saba, ya kama hannun firijin da jiƙaƙƙen hannu.

Bai yi ƙara ba. Jikinsa ya sandare, yatsunsa suka ƙi saki.

"Baba! Baba!"

Ta zabura za ta kama shi, ɗan'uwan manomin ya fizgo ta baya. Kafin a kashe wutar, rai ya yi halinsa.

Bayan jana'iza Ɗanladi ya zo, ya tsinci guntun wayar ƙasan a bayan firiji. Saudatu ta daɗe tana duban akwatin nan na bango. Ta gane cewa bireka ba ta taɓa lalacewa ba. Duk faɗuwar da ta yi, mahaifinta take karewa.