Amsoshi a Gefen Littafi

Malam Zainulabidin, jami'in noma a Sabon Birni, ba ya karanta littafin kimiyyar ƙasa sai da fensir a hannu. A gefen kowane shafi yakan rubuta tambaya, ya rufe littafin, ya amsa da ka.

Da ya ara wa abokin aikinsa Abbas littafin, sai Abbas ya riƙa rubuta amsoshi ƙarƙashin tambayoyin. Zainulabidin ya fusata, ya ce ya ɓata mashi hanyar gwada kansa. Abbas ya ce, "Yi haƙuri, Malam, za ni gogewa."

Ranar Laraba, kafin ya goge, 'yan bindiga suka tare Abbas a hanyar Gatawa, bai dawo ba.

Yanzu Zainulabidin yakan rufe rubutun Abbas da yatsa, ya amsa tambayar, sannan ya ɗaga yatsan a hankali.