Ratar da Baba Yake Bari

Tun rasuwar Baba, Yaya ce ke riƙe da injinsa mai buga kayan roba. Sau uku tana buga akwatin wani mai gyaran rediyo, turaku na ƙin shiga ramukansu, maƙalin murfi na karyewa.

Auta ta leƙo. "Yaya, rami tsukewa yake in an buga shi. Baba kan bar ratar milimita 0.1 ga turakun da ake dannawa, 0.3 ga maƙali."

Yaya ta gwada. Murfi ya ce ƙas, ya zauna daram. Shekara shida tana share wa Baba shago, bai taɓa gaya mata ba.

"Yaushe ya koya miki?"

"A asibiti, lokacin kina tsaron shago."

Yaya ba ta ce na gode ba.