Jimlolin Anti Labarai

Tun safe Dakta yake zaune a ofishinsa yana karɓar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kundin da manhajar sashe mai gano rubutun na'ura ta yi wa jan tambari. Mutum goma sha biyu sun shiga sun fita. Wani ya rantse, wani ya yi kuka, wani kuma ko kunya babu ya tambayi yadda ake kauce wa manhajar. Fankar sama tana juyi tana ƙara, iska kuwa babu. Ya gaji, har wuyansa ya ƙage.

Ta goma sha uku ita ce wadda 'yan aji ke kira Anti Labarai. Ta girme shi nesa ba kusa ba. Sai da ta yi ritaya ta dawo neman digirin da aiki ya hana ta, kuma ranar Alhamis za a rufe sunayen masu kammalawa. Idan kundinta ya tafi gaban kwamitin ladabtarwa, bana ta wuce ta.

Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Dakta, an ce na'ura ce ta rubuta min. Ni da wayata ma sai jikata ta saita min."

Ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Anti, ba fa hujja ba ce, alama ce kawai. Cikin abubuwan da manhajar ke dubawa akwai tsawon jimla. Mutum idan yana rubutu, sai ya zuba wata doguwa mai kalma talatin, ya bi ta da mai kalma huɗu, ya sake miƙewa. Na'ura kuwa ta fi son jera su kusan kai ɗaya. To dubi naki." Ya bi sakin layi na farko da bakin biro. "Sha huɗu. Sha biyar. Sha huɗu. Sha uku. Sha biyar. Shafi sittin haka, babu hawa babu sauka."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

"Shekara ashirin da shida ina rubuta labarai a gidan rediyo. Editanmu, Allah ya jiƙansa, dokarsa jimla ɗaya numfashi ɗaya. In ta yi tsawo mai karantawa zai shaƙe, in ta gajarce zai yi ta tuntuɓe. Da jan biro ya gyara min hannu. Yanzu ko wasiƙa zan yi wa ƙanwata, haka take fitowa."

Ta zaro wasu takardu daga jaka, bugun tafireta, duk sun yi ja don tsufa, kwanan wata a saman kowacce. Lokacin da aka buga su Dakta yana firamare. Ya kwafe shafi guda cikin manhajar da yatsu biyu, ya danna. Jan tambarin nan ya sake fitowa.

Kunya ta kama shi, sannan haushi ya biyo baya. Ya san sarai uku daga cikin waɗanda suka tsallake a makon jiya na'urar suka ce wa ta riƙa gauraya dogo da gajere, ta kuwa yi musu, manhaja ta wanke su tas. Ga wadda ta yi da hannunta a zaune tana jiran hukunci.

"Akwai hanya," ya ce, bai dube ta ba. "Ki datse wasu, ki haɗe wasu. Kwana biyu ya ishe ki. Kowa haka yake yi."

Ta buɗe kundin, ta tura masa, ta ɗora bironsa a kai.

"To nuna min wadda zan fara ɓatawa."

Ya karanta jimlar farko. Ya karanta ta biyu, ya sauka har ƙasan shafin yana neman inda zai sa biro. Babu kalmar da ta yi yawa, babu wadda ta ɓace. Rabonsa da ganin rubutu mai tsabta haka a wannan ofis har ya manta.

Ya ture kundin, ya jawo fom ɗin sashe. Akwai wani ɗan fili a ƙasa na ra'ayin malami, wanda ba mai cikewa, domin duk wanda ya saɓa wa manhaja sai ya je ya yi wa shugaban sashe bayani a tsaye. Ya rubuta: Na karanta. Nata ne. Ya sa hannu, ya manna tsohuwar takardar rediyon a baya.

Anti Labarai ta sa tabarau ta duba.

"Kalma huɗu, jimla biyu. Wannan zai isa?"

"Wallahi ban sani ba, Anti. Zan dai hau da shi sama da kaina."

Ta tattara sauran takardunta, ta miƙe da ƙyar tana dafa tebur.

"In sun ƙi, ka gaya min da wuri," ta ce. "Yara sun riga sun gayyato mutane walimar kammalawa."